Yadda nake nemo amsa-amo in zan yi wa yara waƙa, mu gwada da kalmar gida

Ni dai ƴan nazare nake koyarwa a wata makaranta a nan Tudun Wadan Zariya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe yara ƴan shekara huɗu zuwa biyar ya san lokacin tashi shi ne lokacin da kan malami ke ɗaukar zafi, wannan ya ja jakar wannan, wancan ya bar kwanon abincinsa a buɗe a ƙarƙashin benci, wata tana kuka ba ta ga takalminta ƙafa ɗaya ba. Sai na ce bari in yi musu ƴar waƙar tashi wadda za ta sa su jeru da kansu ba sai na yi ta ɗaga murya ba. Layin farko bai ba ni wahala ba, ya zo da kansa ina share allo: An tashi, an tashi, mu je gida. Daga nan kuma sai na cije, don duk layin da zai biyo baya dole ƙarshensa ya amsa wa gida, kuma in ban da shida babu kalmar da ta zo mini a kai. Hanyar da na bi na fita daga wannan ramin ita zan shimfiɗa a nan daki-daki, da kalmar gida ɗin za mu yi aiki tun daga farko har ƙarshe.

Abu na farko, ka yanke kalmar ka san wane yanki ne kake nema masa abokin tafiya. A waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce amsa-amo, wato baƙin ƙarshe tare da wasalinsa, shi ne malaman adabi ke kira amsa-amo ko ƙafiya. Gida gaɓa biyu ce, gi da da, saboda haka abin da muke farauta shi ne da. Mutane da yawa a nan suke zamewa, su ɗauka wasalin kaɗai ya isa, sai ka ga an haɗa gida da rana da kaza da hula an ce ai duk a ne a ƙarshe. To ai kalmomin Hausa masu ƙarewa da a ba su ƙirguwa, kusan duk sunan abu na mace da a yake ƙarewa, in wannan ne amsa-amo to duk hirar da muke yi a tsakar gida ma waƙa ce. Kunnen yaro ba ya kama wannan, baƙin da ke gaban wasalin shi ne yake ji ya dawo masa, shi ne kuma yake sa ya iya cankar kalmar da za ta zo kafin ka faɗe ta.

Abu na biyu shi ne tara kalmomi, kuma a wannan matakin kada ka tace komai, duk abin da ya zo ka rubuta. Ƙamus ba zai taimake ka kai tsaye ba don shi da farkon kalma yake jera kalmomi, mu kuwa ƙarshe muke nema. Abin da nake yi shi ne in ɗauki takarda in rubuta da a gefen dama, sannan in bi baƙaƙen Hausa ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da wasula biyar a gabansa, da baki nake faɗa ba a zuci ba: bada, beda, bida, boda, buda, sai in wuce ɓ, c, d, har zuwa z, ban da mantawa da masu goyo irin su gw, gy, kw, ƙw, sh, ts don a nan ne kalmomi masu daɗi suke ɓuya. Zagaye na biyu sai in cusa n ko r ko in ninka baƙin a tsakiya, anda, arda, adda. Aikin bai wuce minti goma sha biyar ba, sai dai mutanen gida za su yi maka kallon wanda ya zare. Ga abin da na samu a zama ɗaya: adda, fada, gada ta tsallake ruwa, gada ta daji, guda, gwanda, hoda, kada, ƙoda, ƙuda, lada, randa, shaida, shida, tsada, sannan masu tsawo irin su takarda, tawada, jarida, ƙa'ida, fa'ida.

In kana da wani dogon rubutun Hausa a kwamfuta za ka iya ƙarawa da shi, ka danna Ctrl+F ka nemi ƙarshen kalma da tazara a bayansa. Amma kada ka nemi da ita kaɗai, za ta fito maka sau ɗaruruwa don ita ce da ɗin nan ta "ni da kai". Ka nemi `ada ` ko `ida ` ko `uda ` ko `nda ` da tazarar a ƙarshe. Sannan ka sani yawancin abin da muke rubutawa a waya babu ƙugiya, saboda haka gyaɗa da faɗa da kiɗa za su shigo maka cikin jerin a matsayin masu d alhali ɗ ne da su. Kada ka zubar da su, ka ware su gefe, suna da amfani nan gaba.

Kafin a shiga babban aikin akwai ƴar shara mai sauƙi. Wasu kalmomin suna ƙarewa da da amma ba sa iya tsayawa a ƙarshen layi don magana ba ta cika a kansu: wanda, inda, yadda, tunda, saboda. Waɗannan a soke su kawai.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne, shi ne tantancewa da kunne, kuma a nan ne shida ta yaudare ni. A takarda babu abin da ya kai gida da shida dacewa, harafi uku na ƙarshe iri ɗaya ne. Na rubuta "An tashi, an tashi, mu je gida, mun yi karatu har darasi shida", na rera, sai na ji kamar na taka matakalar da babu ita, amma na kasa gane dalili. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana rubuta waƙoƙin wa'azi na kai wa ƙorafin, na ce Allah gafarta Malam me ya sa wannan ba ta zauna ba alhali duk da ne? Ya yi dariya ya ce ƴata, ki daina kallon takardar, ki faɗe su a hankali ki saurari inda muryarki take sauka. Na faɗa. Gida murya a sama take tun daga farko har ƙarshe kuma wasalin ƙarshen yana da tsawo, gidaa. Shida kuwa a sama take farawa ta faɗo ƙasa, kuma wasalin ƙarshen gajere ne, yankewa yake yi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ke cewa daidai ne kunne yana cewa a'a.

A yi adalci dai, a ƙa'idar rubutacciyar waƙa gida da shida amsa-amo ne karɓaɓɓe, babu malamin da zai ce ka karya ƙafiya. Amma an daɗe da lura cewa mawaƙa da yawa suna daidaita har da karin sautin ƙarshen layukansu, Farfesa Dalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ya yi nazari a kan wannan, shi ne ake kira amsa-amon kari. A waƙar yara kuwa abin ya fi fitowa fili don layukan gajeru ne kuma yara suna jan gaɓar ƙarshe da ƙarfinsu, duk wani bambanci sai ya fito. Shi ya sa ni a wurina cikakken amsa-amo shi ne wanda abu uku suka haɗu a gaɓar ƙarshe: baƙi da wasali iri ɗaya, tsawon wasali iri ɗaya, karin sauti iri ɗaya. In ɗaya ya kauce to na kusa ne, ana amfani da shi amma sai an san inda za a ajiye shi.

To yaya mutum zai gane kalma a sama ta ƙare ko a ƙasa in kunnensa bai saba ba? Akwai dabara mai sauƙi ƙwarai, ka liƙa mata ne ko ce. Wannan ƴar kalmar kullum kishiyar gaɓar da ke gabanta take ɗauka, in kalma ta ƙare a sama ne zai sauka ƙasa, in ta ƙare a ƙasa ne zai hau sama. Ka ce gida ne, za ka ji ne ya faɗi. Ka ce kada ne, wato na ruwa, za ka ji ne ya ɗaga kai. Mu Zazzagawa ma abin ya zo mana da sauƙi tunda an san mu da jefa ne a kan komai, gwanda ne, mota ne, Kanawa su yi ta mana dariya, to ga ranarsa ta zo. In har yanzu ba ka ji ba, ka rufe baki ka yi gunjin kalmar ta hanci ba tare da furta haruffan ba, ko ka yi ta da fito, hawa da saukar za su fito tsirara kamar kalangu ne ke faɗar ta. Wadda ta gagare ka kuma a nan ne ƙamus ke da amfani, na Bargery na 1934 yana nuna karin sauti da tsawon wasali, sai dai ka fara karanta bayanin alamominsa don kowane ƙamus da yadda yake sa nasa.

Da na bi jerina da wannan gwajin sai ya rabu gida biyu. Masu ƙarewa a sama da dogon wasali kamar gida su ne ƙuda, lada, guda, gada ta daji, randa, adda, tsada, takarda. Masu ƙarewa a ƙasa su ne gwanda, kada, gada ta tsallake ruwa, hoda, ƙoda, shaida, tawada, jarida, ƙa'ida, fa'ida, sai shida da fada waɗanda ban da sauka ƙasa wasalinsu ma gajere ne. Na farkon su ne cikakku. Kuma ko a cikinsu akwai ƴar tagwaitar gida ta gaske, ita ce ƙuda, don ita ma gaɓar farko mara nauyi ce ta biyu mai nauyi, kuma duka biyun a sama. Ka faɗe su a jere, gida, ƙuda, gida, ƙuda, kamar ganga ɗaya ake bugawa. Guda tana biye mata, siffa ɗaya ce sai dai ita daga ƙasa take tashi ta hau.

Mataki na gaba shi ne tacewa da idon yaro, kuma nan ne kalmomi masu kyau da yawa ke faɗuwa. Tambayar da nake yi wa kowace kalma ita ce, ɗan shekara huɗu zai iya nuna mini ita da yatsa ko ya kwaikwaye ta da jikinsa? Ƙa'ida da fa'ida ban da sauka ƙasa da suke yi, yaro ma bai san su ba, sun fita. Tsada maganar iyaye ce a kasuwar Tudun Wada, ba ta yara ba. Adda sun san ta sarai, amma duk abin da ka sa a waƙa sai sun yi shi da hannu, kuma ba na son yara talatin suna saran juna da rula. Gada ta daji kuwa na gwada ta don ina son dabba a waƙar, na rubuta "mu yi tsalle-tsalle kamar gada", da na rera sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Anti gada tana tsalle ne? Ita gadar da ta sani ita ce ta Kubanni da suke hawa a Keke Napep kullum, kuma da gaskiyarta, ba ta taɓa ganin ta daji ba, sannan cikin rerawa karin waƙar ya danne bambancin da ke tsakanin kalmomin biyu. Duk kalmar da karin sauti kaɗai ya raba ta da wata, ka yi hattara da ita a ƙarshen layi, musamman in wadda yara suka fi sani ba ita kake nufi ba.

Wani gargaɗin kuma game da sunaye. Dauda da Sauda duk suna ƙarewa da da, kuma yara suna son jin suna a waƙa, amma in akwai mai sunan a ajin to ka ɗaura masa jakar tsaba. Dauda musamman, tsakaninsa da dauɗa ƙugiya ɗaya ce, kuma yara sun fi mu iya gano amsa-amo na kusa in dai na tsokana ne, kafin a tashi sun haɗa masa nasu baitin.

Abin da ya rage mini a hannu: ƙuda, guda, lada, randa, takarda. Sai ginin layi, kuma dokata a nan ita ce daga ƙarshe ake farawa. Ka ajiye kalmar amsa-amo a ƙarshen layi tukuna sannan ka tambayi kanka wace magana ce ta gaskiya game da lokacin tashi za ta kai ni ga wannan kalmar. Guda ta ba ni jeruwa a layi guda-guda, abin da dama shi nake so su yi. Ƙuda ta ba ni rufe kwanon abinci. Lada ta ba ni gai da iyaye in an isa gida. Takarda ban samu maganar da za ta kai ni gare ta ba tare da tilas ba, sai na bar ta, ba dole ne duk abin da aka samu a yi amfani da shi ba. Baiti na farko ya fito haka:

An tashi, an tashi, mu je gida,
Mu jeru kan layi guda-guda,
Mu rurrufe kwano saboda ƙuda,
Gai da iyaye da akwai lada.

Layi na huɗu ya ɗan ba ni aiki kuma dalilin yana da kyau a sani. Da farko "mu gai da iyaye mu sami lada" na rubuta, da muka tafa sai ya zarce sauran, yara suna gaggawa a tsakiyarsa. Na zauna na ƙirga, gaɓa mara nauyi irin gi ko mu ina ba ta ɗaya, mai nauyi wato mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi irin daa ko an ina ba ta biyu. Layin farko ya ba ni 16, na biyu 16, na uku 16, wancan na huɗun 17. Daga ina ƙarin ya zo? Lada gabanta dogo ne, laadaa, nauyinta huɗu, gida kuwa uku. Wato ko cikakken amsa-amo in siffarsa ta fi ta kalmarka nauyi sai ka rage wani abu a cikin layin ka ba shi wuri. Na sauya shi zuwa "gai da iyaye da akwai lada", ya dawo 16, tafi huɗu ya zauna daram.

Yanzu cikakkun sun kusa ƙarewa, saura randa kaɗai, ga shi ina son baiti na biyu. A nan ne na kusa ke shigowa, kuma su ma hawa-hawa ne, ba duka ɗaya ba. Mafi kusa a kunnena shi ne wanda baƙinsa ɗan'uwan naka ne amma tsawo da karin sauti sun dace, kamar gyaɗa, ɗ ne maimakon d amma a wuri ɗaya harshe ke taɓawa, kuma a sama ta ƙare da dogon wasali. Wuta ma haka, t da d maƙwabta ne. Haka b da ɓ, k da ƙ, s da ts, s da z, duk ana iya haɗa su in an matsu. Na biyu shi ne wanda gaɓar ta zo daidai amma karin sautin ya sauka, irin gwanda da kada. Na can baya shi ne wasali kaɗai, gida da rana, wannan ni ba na ƙirga shi sai in babu yadda zan yi. Wanda ya kauce ta fuska biyu a lokaci ɗaya kuma, kamar kiɗa da baƙinta ya bambanta sautinta kuma ya sauka, ko shida da ta sauka ta kuma gajarce, shi ne yake fara yi wa kunne nisa.

Inda za ka ajiye na kusa shi ne sirrin. Ba na sa shi a baitin farko ko kaɗan, don a nan ne kunnen yaro ke koyon abin da zai jira, in ya ji da sau huɗu cif to ya riƙe, bayan nan ko ka kawo masa ɗa zai karɓa. Sannan ba na jera na kusa biyu a jere, sai na raba su da cikakke. Mai sauka ƙasa kuwa layin ƙarshe na baiti nake kai shi, saboda karin waƙar tawa a nan yake saukowa ya huta, sai saukar kalmar ta bi saukar waƙar, abin da a tsakiyar baiti zai zama tuntuɓe a ƙarshe ya zama kamar rufe ƙofa. Ga yadda ya fito:

Kaka tana soya mana gyaɗa,
Ruwa da sanyinsa cikin randa,
Daɗi yana nan a cikin gida,
Ga Baba ya zo mana da gwanda.

Ka lura na dawo da gida a layi na uku. Maimaita kalma a waƙar manya ana iya ganinsa kamar gazawa, a ta yara kuwa ginshiƙi ne, matuƙar ba a baiti ɗaya ka yi ta nanata ta ba.

Gwaji na ƙarshe a aji ake yin sa ba a kan tebur ba. Na rera musu sau biyu, a karo na uku sai in yi shiru kafin kalmar ƙarshe in ga ko za su cike. "Mu rurrufe kwano saboda..." ajin gaba ɗaya ya ce ƙuda, har da masu kore shi da hannu. "Ruwa da sanyinsa cikin..." a nan aka rabu, wasu suka ce randa wasu suka ce firji, wani ma ya ce kula. Wannan ba laifin sauti ba ne, gidajensu ne babu randa, sai na zana ta a allo na kuma ce su tambayi kakanninsu, bayan kwana biyu ta zauna. Amma da a ce bayan mako guda suna ta musanya kalmar da wata, to alama ce layin ne bai kai su gare ta ba, sai a sake gini. Wata alamar matsala kuma ita ce ka ji suna lanƙwasa kalmar don ta dace, misali su ja shida su ce shidaa da murya a sama. In ka ji haka kunnensu ne ke gyara maka kuskure, kuma ga ƴan nazare da yanzu suke koyon furuci ban so in bar su a kan lanƙwasasshiyar kalma.

Gida kalma ce mai dangi da yawa, akwai kuma marayu, kuma waƙar ƙirga ce ke tona su. Huɗu tana da haɗu, duk a sama suke ƙarewa da gajeren wasali, "ɗaya, biyu, uku, huɗu, yara ku zo mu haɗu", shi ke nan an gama. Bakwai tana da akwai a gaɓa ɗaya, da ƙwai a kusa. Takwas tana iya tafiya da karas a matsayin na kusa. Amma biyu fa? Ka bi baƙaƙen nan kaf, abin da za ka samu su rayu ne da sayu da koyu, babu wadda yaro zai yi rawa da ita. Haka kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi irin fensir da tebur. In ka yi zagaye biyu ba ka samu kalma uku masu amfani ba, kada ka ɓata dare, ka ɗauke kalmar daga ƙarshen layi ka mai da ita ciki. Maimakon "ina da hannu biyu" ka ce "biyu ne hannuwana", sai ƙarshen ya koma na, ga idanuna, ga ƙafafuna suna jira.

Sai dai wannan ƙofar tana da santsi. Hausa tana da ɗafe-ɗafen da ke ba da amsa-amo kyauta, na da ta na mallaka, wa irin ta dawowa da fitowa da zagayowa, o irin ta zo, kawo, taso, leƙo. Da su za ka iya cika shafi guda cikin minti biyar, kuma gaskiya masu o ɗin nan suna da daɗi a waƙar motsa jiki don kowace umarni ce da yaro zai aikata. Amma in duk layukan gidana, babana, littafina, fensirina ne, to kalma ɗaya kake maimaitawa, na ɗin ce kawai ke dawowa, kuma gwajin yin shiru zai nuna maka, don babu yadda za a yi yaro ya canki wacce za ta zo tunda kowane suna a duniya zai iya shiga wurin. Abin da nake yi shi ne in na yi layi biyu da ɗafi, sauran biyun sai in nemo kalmomin da na ɗin tasu ce ta asali, irin su rana, kwana, gona, masu dogon wasali a ƙarshe, in bi su da gwajin ne ɗin nan kamar yadda na yi wa gida. Waƙar sassan jiki da nake kai yanzu a nan na tsaya, ina da hannuwana da idanuna a layi na ɗaya da na uku, na sa rana a na biyu, na huɗun kuma ina tsakanin kwana da gona, zan kai su aji ranar Litinin in yi shiru in ji wadda za su cike da ita.